"Ai kowa ya san gidansa" ba hujja ba ce

Duk wanda aka kama yana tono adireshin wani, amsarsa ɗaya ce: gida ba ɓoyayyen abu ba ne, maƙwabta sun san shi, mai unguwa ma ya san shi. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta wanke kowa. Maƙwabci ya san gidan ne domin zaman tare ya haɗa su, kuma shi ma an san nasa. Wanda ya samo adireshin ta bayan fage ya san inda mutum yake kwana, alhali mutumin bai san da shi ba. A wannan rashin daidaito ne cutarwar take.

A ɗauki misalin bashi, tunda a nan ne mutanen kirki suka fi yaudarar kansu. Wani ya ranta wa abokin ciniki naira dubu ɗari uku, wa'adi ya cika, waya ta daina shiga, kuma an ce ya tashi daga unguwar. Mai bin bashin yana da haƙƙin neman inda yake, domin kotu tana buƙatar adireshin da za a kai sammaci. Yana iya komawa ga abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, ya tambayi wanda ya tsaya wa mutumin, idan kuma kamfani ne ya duba adireshin da aka yi rajista da shi a hukumar CAC, wanda dama domin jama'a aka ajiye shi. In duk wannan ya ci tura, lauyansa zai nemi kotu ta ba da izinin liƙa sammacin a gidan da aka san shi da shi na ƙarshe, ko a buga a jarida. Wato doka ta tanadi mafita ko da ba a gano sabon gidan ba.

Saboda haka wanda ya bar wannan hanya ya biya wani ɗan kuɗi aka ciro masa bayanan NIN na mutumin, ba zai ce larura ce ta sa shi ba. Kuma kasuwar tana nan. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani shafi mai suna AnyVerify yana sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira ɗari kacal, har ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani domin ta nuna girman ɓarnar. Mutum ya ba hukuma adireshinsa ne domin a yi masa shaidar ɗan ƙasa. Sashe na 24 na dokar kare bayanai ta 2023 ya hana a karɓi bayani domin wata manufa sannan a juya shi zuwa wadda ta saɓa mata, sashe na 37 na tsarin mulki kuwa ya ambaci gida da sunansa cikin abubuwan da aka kare sirrinsu. Ma'aikacin banki ko na asibiti da ya leƙa fayil domin ya "taimaki" ɗan'uwansa yana cikin wannan laifi, ko da bai karɓi ko kwabo ba.

Za a ce, to, binciken aure fa? Iyaye suna aika a gano gidan mai neman 'yarsu, a tambayi maƙwabta halinsa. Wannan ba keta sirri ba ne, domin wanda ya shigo neman aure ya san za a bincike shi, ya kuma amince tun da ya aiko magabatansa. Ma'aunin ke nan: da an tambayi mai gidan kai tsaye, zai ba da adireshin? Mai neman aure zai bayar, haka ma wanda ya sayi kaya yana jiran a kawo masa. Mai gudun sammaci ba zai bayar ba, shi ya sa aka bar lamarinsa a hannun alƙali.

Akwai kuma wadda ba za ta taɓa bayarwa ba: matar da ta bar gidan da ake dukanta, ta sauya lamba, ta kama haya a wata unguwa. Mai nemanta ba zai ce ramuwa ce ta kawo shi ba. Zai ce biko ne, ko kewar yara ce ta dame shi, kuma sau da yawa zai samu mai tausayin da zai yi masa kwatance. Tashin da ta yi ba tare da ta faɗa masa ba shi ne amsarta. In batun yara ne, kotu tana nan; in sulhu ne, waliyyinta yana nan. Wanda aka tambaya yana iya karɓar saƙon ya isar mata, ya bar ta ta yanke ko za ta amsa, ba tare da ya ambaci ko da sunan layin da take ba.