Na'ura ta faɗa mana inda take shakka

Ofisoshi da yawa sun koma ɗaukar hoton rasit da fom, manhaja ta karanta, ta zuba suna da kwanan wata da kuɗi a gurabensu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake miƙa wa ma'aikacin da zai tantance wannan jadawali fes, kowane gurbi da kamanni ɗaya, ba a bambanta wanda aka karanta sarai da wanda aka yi canki-canka. Mutumin da aka tara wa rasit ɗari biyar kafin la'asar ba zai duba komai da ido ɗaya ba, zai gaji ya riƙa wucewa. Don haka ina ganin wajibi ne kowane gurbi ya zo da ɗan bayani a gefensa mai nuna yadda aka gamsu da shi.

Abin ba shi da wuya, domin manhajojin suna bayar da maki a kan abin da suka karanta. Tesseract, idan aka nemi ta fitar da sakamako a tsarin `tsv`, tana ba kowace kalma maki daga 0 zuwa 100 a ƙarƙashin `conf`. Sau da yawa masu haɗa tsarin ne ke zubar da makin su ajiye rubutun kawai.

Amma maki shi kaɗai bai isa ba. A ɗauka dillalin hatsi ya sayar da masara buhu 17, kowanne naira 40,000, jimilla 680,000. Tawada ta kwanta, kan 7 ya goge, na'ura ta karanta 11 ta kuma ba shi maki 91, domin abin da ya rage a takardar 1 ne ba tantama. Makin yana auna kamannin rubutu ne, bai san ciniki ba. Lissafi ne zai tona asirin: 11 sau 40,000 ya ba da 440,000. A nan bayanin gefe ya kamata ya ce: "Adadi da farashi ba su ba da jimilla ba, duba ukun." Haka kwanan wata 03/04, a rubuta cewa yana iya zama Maris ko Afrilu. Mai tantancewa ya san inda zai kai ido, ya kuma san dalili.

Sai a jera guraben bisa shakka da kuma girman asara. Lambar asusu mai maki 85 ta riga adireshi mai maki 60, domin kuskuren lamba ɗaya kan tura kuɗin wani zuwa hannun da ba nasa ba.

Haɗarin da nake gargaɗi a kai shi ne ma'aikata su saki jiki da duk gurbin da ba a yi wa alama ba. Maganinsa, kowane mako shugaban sashe ya tsinto wasu daga masu babban maki ya gwada su da takardar asali. In kurakurai sun yawaita a cikinsu, a ɗaga iyakar makin sa alama nan take.