Sanarwar Da Na'ura Ta Rubuta: Gyaranta Ba A Sauya Kalmomi Yake Ba

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, sanarwoyin da ke yawo a zaurukan WhatsApp na unguwanninmu, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo da Rikkos, sun koma kamar mutum ɗaya ne ke rubuta su. Ba na ganin laifin mai amfani da na'ura. Matsalar ita ce mutane na karantawa su wuce, ranar taro a tarar da kujeru babu kowa.

Ga irin abin da take bayarwa: "Muna farin cikin sanar da ku cewa za a gudanar da muhimmin taro da nufin haɓaka haɗin kai da ƙarfafa ci gaba mai ɗorewa. Kasancewarku tana da matuƙar muhimmanci."

Babu kuskuren nahawu a ciki, amma ba wanda ya taɓa yi wa maƙwabcinsa magana haka. Kalmomin Hausa ne, ginin na Turanci, domin yawancin rubutun da aka horar da na'urar a kai Turanci ne. Sannan ba ta san ranar taron ba, ba ta san wurin ba, ba ta san abin da ya tara mu ba, sai ta cike gurbin da manyan kalmomi.

Wasu kan canza "muhimmi" zuwa "babba", su ce sun gyara. A ganina aikin banza ne. A ajiye rubutun tukuna, a faɗi saƙon da baki kamar ana tura wa mutum saƙon murya, sannan a rubuta abin da bakin ya faɗa: "Akwai zama ranar Asabar bayan la'asar a Islamiyyar unguwa. Maganar gyaran rijiyar burtsatse ce, kowane gida naira 2,000. A daure a zo da wuri, kun san sanyin Jos da yamma. Allah ya ba da ikon zuwa." Duk abin da ya ba shi rai, wato rana da wuri da kuɗi da sanyin, daga marubucin ya fito.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ta'aziyya. Turanci kalma ɗaya yake da ita inda mu muke da kai da ke da ku, shi ya sa na'ura kan ce wa dattijo "kai", wani lokaci ma ta ce wa Hajiya "kai". Sai ka ga "ina baƙin ciki da asararka", kamar kayan shagonsa ne suka ƙone. Mu "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi" muke cewa, mu ambaci sunan mamacin da lokacin jana'iza. Wannan kam, da so samu ne, kada a ba na'ura shi ko kaɗan.

Kafin a tura kowace sanarwa, a karanta ta da ƙarfi. Jimlar da numfashi ya ƙare ba a kai ƙarshenta ba, a raba ta biyu. A kuma sake duba sunaye da alƙaluma, don idan ba a ba na'ura su ba takan ƙirƙiro nata.