Ba Ganye Ne Abokin Gāba Ba

'Yan'uwa, a cikin ƙungiyoyinmu akwai masu shan warfarin, maganin hana jini gudaji. Ana auna aikinsa da gwajin jini mai suna INR. Mai lafiya yana kusa da 1. Yawancin masu shan maganin ana so su tsaya tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa, jini na iya gudaji. In ya haura, jini na iya tsinkewa.

Mun ji wasu suna cewa a daina cin ganye. Mu ba mu yarda ba. Gaskiya ne alayyafo, zogale da kabeji suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin. Amma haɗarin yana cikin canji. Wanda ya saba da ganye kaɗan da rani, ya koma cin kwaɗon zogale kullum da damina, INR nasa zai iya sauka. A ci daidai gwargwado, a sake gwaji in cima ta canja.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne maganin kasuwa. A ce manomi yana kan 2.5, zawo ya kama shi, ya sayi filajil ko seftirin. Cikin mako guda zai iya wuce 5, dasashi ya fara jini. Asfirin kuwa yana jawo zubar jini ko da gwajin bai motsa ba. Rifamfisin na tarin fuka yana saukar da shi ƙwarai.

Saboda haka kada a sha sabon magani sai an nuna katin gwaji. Wanda ya ga haɓo ya ƙi tsayawa, jan fitsari ko baƙin bayan gida, mu kai shi asibiti a ranar, ko da ana tsakiyar girbi.