Yunwa ba ta wanke mai kisa a kotu

Sau da yawa ina karanta labarin da jarumi zai kashe mutum, lauyansa ya miƙe ya ce "dole ce ta sa shi", alƙali ya share hawaye ya sallame shi. Kafin ku sake rubuta irin wannan, ga wata shari'a da aka yi a Ingila.

A watan Yulin 1884 jirgin ruwan Mignonette ya nutse a hanyarsa ta zuwa Ostireliya. Mutum huɗu suka tsira a ɗan kwale-kwale: kyaftin Tom Dudley, da Edwin Stephens, da Edmund Brooks, da yaron jirgi Richard Parker mai shekara 17. Guzurinsu gwangwani biyu na abinci, babu ruwan sha. Wajen kwana na 20, Parker ya galabaita bayan ya sha ruwan teku. Dudley ya yanka shi da amincewar Stephens, su ukun suka ci namansa. Kwana huɗu bayan haka wani jirgi ya cece su.

To, wace kariya za su kawo? Taɓin hankali ba zai yi ba, domin abin da kotu ke tambaya shi ne ko mutum ya san abin da yake aikatawa a lokacin, kuma ya san laifi ne. Dudley ya yi shawara, ya zaɓi wanda za a kashe, har addu'ar neman gafara ya yi kafin ya sa wuƙa. Mai neman gafara ya san ɓarna yake yi.

Tilastawa ma ba ta shiga, don tana buƙatar wani mutum ya yi maka barazanar kisa, su kuwa teku ce ta matsa musu. Ko da akwai mai barazanar, sashe na 57 na Penal Code da muka sani a Arewa ya cire kisan kai daga abin da tilas ke wankewa.

Saura larura, kuma a kanta suka dogara. Lord Coleridge ya ƙi karɓa, ya yanke wa Dudley da Stephens hukuncin kisa. Ni ina ganin ya yi daidai, duk da na san da wuya in fi su juriya. Wa ya ba su ikon auna ran wa ya fi arha? Ba a yi ƙuri'a ba, ba a tambayi yaron ba, mafi rauni kawai aka ɗauka. Kuma ba su da tabbacin cewa ceto ba zai zo washegari ba.

Tausayin ya zo ne daga baya, ta wata ƙofa: gwamnati ta mayar da hukuncin ɗaurin wata shida. Idan kina son mai karatu ya tausaya wa jaruminki, 'yar uwa, nan ne wurin. Bari kotu ta same shi da laifi, sannan ki nema masa sassauci.