Shafi ɗaya ga direkta: amsa a sama, tarihi a ƙasa

Mu malamai mun saba, idan aka ce mu taƙaita doguwar doka, sai mu bi ta daga farko zuwa ƙarshe muna rage kowane babi. Wannan taƙaitawar ɗan makaranta ce. Direktan da iyaye ke jira a ƙofar ofishinsa, kuma dole ya ba su amsa kafin gobe, ba ita yake buƙata ba.

Mu ɗauki misali. Yarinya tana aji na biyu a kwaleji, an yi mata aure lokacin hutu, ga ta ta dawo tana son ci gaba da karatu, wasu iyaye kuma sun ce ba za ta zauna da ƴaƴansu ba. A nan Nijar akwai dokar shugaban ƙasa ta watan Disamba 2017 kan kare yarinya mai karatu da tallafa mata, akwai kuma ƙudurin ministoci na 2019 da ya yarda mai aure ko mai juna biyu ta ci gaba da karatunta. Duka da Faransanci suke, cike da lambobi.

Layin farko na shafin ya kamata ya ce: "A karɓe ta ta koma ajinta, doka ta ba ta wannan dama." Bayan haka sai madogara, wato sunan takardar, shekararta da lambar sashen, yadda idan sufeto ya yi waya direkta zai nuna wurin da yatsa. Sai abin da zai yi yau: ya kira shugaban kwamitin kula da makaranta, ya zauna da iyayenta da mijinta. Tarihin dokar da manufofinta, layi biyu sun ishe su.

Inda taƙaitawa ta fi yin ɓarna shi ne ƙananan kalmomi. Doka tana bambanta "dole ne" da "ana iya", amma mai neman rage tsawo yakan mayar da su duka "a yi". Haka ma "sai dai idan" ita ce ke fara faɗuwa, alhali sau da yawa hukuncin a cikinta yake. Shi ya sa na fi son a kwafo jimlar da ta yanke maganar yadda take, ko da ta ci layi uku. A kuma duba ko wata sabuwar takarda ta gyara ta, domin tsofaffin kwafi suna daɗewa a aljihun tebur.

Wasu na cewa shafi ɗaya yana sa shugabanni su daina karatu. Akwai gaskiya a ciki. Amma direktan da ba a ba shi shafin ba, ba dokar yake zuwa ya karanta ba: abin da ya ji a bakin tsohon direkta yake bi, kuma a da, korar yarinyar aka saba yi.

Gwajin da nake ba ɗalibaina a makarantar horon malamai shi ne a miƙa shafin ga wanda bai taɓa ganin dokar ba, a ba shi minti biyu, a tambaye shi me direkta zai gaya wa mahaifin yarinyar. Idan ya tsaya yana kame-kame, a sake rubutawa.