Raddi ga Mai Jadawalin Ruwaito Magana

Wani malami abokin aikinmu ya raba wa ɗalibansa takardar atisaye a kan yadda ake ruwaito maganar wani da Hausa. A cikinta ya kafa dokoki uku: wakilin suna na mai magana kullum ya koma "ya" ko "ta", lokacin aikatau ya ja baya taki ɗaya, kalmomin lokaci kuma a musanya su bisa jadawali. Da girmamawa muke cewa, Malam, wannan jadawali na darasin Ingilishi ne, kuma rigar ba ta zauna wa Hausa ba. Za mu auna dokokin uku da jimla ɗaya. Ranar Litinin Ladi ta ce wa Audu: "Zan kawo maka littafinka gobe."

Na farko, Malam ya ce "zan" kullum yakan zama "zai" ko "za ta", "maka" kuma ya zama "masa". Wannan yana inganta ne kawai idan wani na uku yake ba wa na huɗu labari: Ladi ta ce za ta kawo masa littafinsa. Amma idan Audu ne ke ba da labarin, cewa zai yi: Ladi ta ce za ta kawo mini littafina. Idan Ladi ce da kanta take tuna wa Audu, sai ta ce: ai na ce zan kawo maka littafinka, babu abin da ya sauya. In kuwa ƙawarta take gaya wa a wani gida daban, har aikatau yakan juya: na ce zan kai masa, domin "kawo" yana nuni ne zuwa inda ake. Sannan "zan" ba ya nuna jinsi, alhali "zai" da "za ta" suna nunawa. Saboda haka tambayoyin Malam da ba su faɗi wanda ya yi maganar ba, ɗalibi ba shi da hanyar amsa su sai kintace.

Na biyu, ya ce lokaci mai ci ya koma shuɗaɗɗe. A nan ne ɓarnar ta fi girma. Idan Ladi ta ce "Ina cin abinci", dokar Malam za ta ba mu "ta ce ta ci abinci", wato ta gama. An sa mata abin da ba ta faɗa ba. Mai gudun wannan sai ya faɗa "ta ce ta kasance tana cin abinci", maganar da ba a jin ta a kasuwa ko a zaure. Bahaushe cewa yake yi: ta ce tana cin abinci, ko da bara aka yi zancen. Dalili kuwa shi ne "tana", "ta" da "za ta" suna nuna ko aikin yana gudana, ko ya kammala, ko yana tafe, a ma'aunin lokacin da ake ba da labarinsa, kuma "ta ce" ta riga ta kafa wannan lokacin. Abin da yake sauya siga da gaske shi ne umarni da tambaya, su kuwa takardar ba ta taɓo su ba. "Zauna!" yakan zama ya ce in zauna, ko ya ce ta zauna. "Kin gama?" yakan zama ya tambaye ta ko ta gama.

Na uku, ya ce "gobe" kullum "washegari" ce. To, a lissafa. Goben Ladi Talata ce. Idan Audu ya ba da labarin a yammacin Litinin, "gobe" tana nan daram. Ranar Talata zai ce za ta kawo yau. Ranar Laraba zai ce: ta ce za ta kawo jiya, amma shiru. Alhamis kuma sai shekaranjiya. "Washegari" tana shigowa ne idan labarin ya yi nisa har ranar ta daina ƙirguwa daga yau. A lura kuma da "za ta kawo jiya": ga "za" ga "jiya" a jimla ɗaya, kunne bai ƙi ba, wannan ma ƙarin hujja ce a kan doka ta biyu.

Muna ba Malam gaskiyarsa a wuri ɗaya. Mai shirin jarrabawar Ingilishi ta WAEC ko NECO yana buƙatar sanin ja da lokaci baya, a koya masa a can. A ajin Hausa kuwa, kowace tambaya ta zo da abu huɗu: wa ya yi magana, wa ya gaya wa, wa ke ruwaitowa ga wa, kuma wace rana. A ba ɗalibi jimlar Ladi, a ce ya ruwaito ta a bakin Audu ranar Laraba. Wanda ya rubuta "mini", "littafina" da "jiya", bai taɓa "za ta" ba, ya cancanci makinsa cikakke.