Taƙaita Takardar Fahimtar Juna: Kada a Ƙara wa Magana Nauyin da Ba Ta da Shi

Kusan kowane mako mukan ji a rediyo cewa wata jami'a da wani kamfani, ko wata ƙungiya da wata ma'aikata, sun sa hannu a kan "yarjejeniyar fahimtar juna". Takardar takan kai shafi goma ko fiye, amma abin da ke isa kunnen jama'a bai wuce jimla uku ba. Da yawa daga cikinmu ɗaliban wannan sashe, in Allah ya nufe mu da gamawa, mu ne za mu zauna a ɗakunan labarai da ofisoshin fassara muna fitar da waɗannan jimloli. Saboda haka nake roƙon malamaina da 'yan'uwana su ba ni aron hankalinsu. Ra'ayina shi ne, duk wanda aka ba irin wannan takarda ya taƙaita, ya kasa ta gida huɗu, watau alkawura, gudummawa, wa'adi da sharuɗɗan fita, kuma kada ya sa wa wani gida abin da takardar ba ta sa masa ba.

Bari mu ɗauki misalin da ya shafe mu. A ranar 1 ga Yuli, 2013, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, ASUU, ta shiga yajin aiki saboda rashin cika yarjejeniyar da ta ƙulla da Gwamnatin Tarayya a 2009. Bayan an shafe wata biyar azuzuwa na rufe, sai a cikin Disamba na wannan shekara ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan takardar fahimtar juna, a zamanin shugabancin Dokta Nasiru Isa Fagge na Jami'ar Bayero.

Gida na farko shi ne alkawura, watau wa zai yi mene ne. A nan gwamnati ta ɗauki nauyin zuba kuɗi don farfaɗo da jami'o'i, ta kuma yarda ba za a hukunta kowa saboda ya shiga yajin aiki ba. Ita kuwa ƙungiya aka sa ran ta koma aji. Tarkon da ke cikin wannan gida na nahawu ne, shi ya sa ya fi shafarmu. Masu rubuta irin waɗannan takardu suna auna kowane aikatau kamar yadda maƙerin zinariya ke auna kayansa. "Za ta biya" daban, "za ta yi ƙoƙarin biya" daban, "tana iya biya" daban, haka nan "za ta biya in kuɗi sun samu". Mai taƙaitawa da ke neman rage kalmomi yakan yar da "ƙoƙari" ko "in", ya bar "za ta biya" tsirara. Kalma ɗaya ya rage, amma ya mayar da niyya ta zama bashi. Haka kuma lura da cewa a 2013 ƙungiyar "dakatar" da yajin aikin ta yi. Wanda ya rubuta "ta janye" ko "ta soke" ya ɓoye wa mai karatu cewa takobin kube kawai aka mayar da shi.

Gida na biyu shi ne gudummawa, watau abin da kowa zai fitar daga aljihunsa, da yawansa, da lokacin fitar da shi. Takardar 2013 ta tsara naira biliyan 200 a shekarar farko, a ajiye su a wani asusu na musamman a Babban Bankin Nijeriya, sa'an nan biliyan 220 a kowace shekara har shekara biyar, daga 2014 zuwa 2018. In aka ninka 220 sau biyar an sami biliyan 1,100, a haɗa da 200 na farko, ya zama tiriliyan 1.3. To, ga jimloli biyu. Ta farko: "Gwamnati ta ba jami'o'i naira tiriliyan 1.3." Ta biyu: "Gwamnati ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, biliyan 200 daga ciki a bana." Bambancin tsawonsu kaɗan ne, amma ta farko ƙarya ce, ta biyu gaskiya. Uban ɗalibi da ya ji ta farko a kasuwa, da malamai suka sake yajin aiki a 2017 suna kukan ba a saki kuɗin kamar yadda aka tsara ba, zai ce haɗama ce ta yi musu yawa. Laifin wannan zato na wuyan wanda ya taƙaita.

Gida na uku da na huɗu, wa'adi da fita, su ne aka fi mantawa da su, domin a ƙarshen takarda suke zama, inda idon mai karatu ya riga ya gaji. Misalin da ya fi fito da su fili daga wata ƙasa yake. A watan Maris na 2019 Italiya da Sin suka sa hannu a kan takardar fahimtar juna game da shirin Sin na gina hanyoyin ciniki tsakanin nahiyoyi. Wa'adinta shekara biyar ne, amma da sharaɗin za ta sabunta kanta, sai fa in wani ɓangare ya ba da sanarwa a rubuce wata uku kafin cikar wa'adin. Italiya ta ba da tata sanarwar a Disamba na 2023. Wanda ya rubuta "ta shekara biyar ce" ya yi shiru, ya faɗi rabin gaskiya, domin da Italiya ta yi gum, da takardar ta ci gaba da kanta. Ashe ranar da ya kamata mai karatu ya riƙe ba ranar cikar wa'adi ba ce, ranar ƙarshe ce ta ba da sanarwa. Tambayoyin wannan gida uku ne: wa ke iya fita, da sanarwar kwana nawa, kuma me zai sami aikin da aka fara da kuɗin da aka riga aka kashe.

Wani ɗan'uwa zai ce, ai taƙaitawa ragewa ce, in mun tsaya bin kowane "in" da kowane "sai fa", mun sake rubuta takardar ke nan. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma abin zubarwa yana da yawa: gaisuwar buɗewa, tarihin zumuncin ɓangarorin, jerin muƙaman waɗanda suka halarta, da kyawawan fatan da ke cika shafin farko. A zubar da waɗannan duka. Sharaɗi kuwa ba ƙaiƙayi ba ne, tsaba ne.

Akwai kuma wata jarraba da ta fi wannan. Sau da yawa mutum zai karanta takarda har ƙarshe bai ga inda aka ambaci fita ba, ko bai ga adadin kuɗi ba. Kada ya share gidan, kada kuma ya cike shi da abin da yake zaton an nufa. Ya rubuta a fili: "Takardar ba ta faɗi yadda za a fita ba." Wannan jimla ita ce mafi amfani ga shugaban da zai sa hannu gobe. Haka nan in takardar ta ce ba ta ɗaure kowa a gaban shari'a ba, kamar yadda da yawa daga cikinsu suke cewa, a sa wannan a layin farko, domin Bahaushe in ya ji "yarjejeniya" yakan ɗauka magana ta ƙare.

Ina ba malamanmu na darasin fassara shawara su riƙa kawo mana irin waɗannan takardu aji, a ce kowa ya fitar da gida huɗu cikin rabin shafi, sa'an nan a gwada aikatau ɗinsa da na asali ɗaya bayan ɗaya. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa. Aikinmu shi ne mu faɗi nauyin kayan daidai, da wanda ya ɗauka, da inda aka yarda masa ya sauke. Allah ya sa mu dace.